Talabijin da tsoron ɓarayi: me binciken Gerbner ya tabbatar, me ya kasa tabbatarwa?

Daga shekarar 1993 zuwa shekaru kusan talatin da suka biyo baya, laifukan da suka shafi kisa da fashi da jikkata mutane sun ragu da kusan rabi a Amurka, kamar yadda alƙaluman hukumar FBI suka nuna. Amma a mafi yawan waɗannan shekaru, duk sanda kamfanin Gallup ya tambayi Amurkawa ko laifi ya ƙaru a ƙasar fiye da bara, aƙalla mutum shida cikin goma sukan ce ya ƙaru. Abin mamakin shi ne, idan aka juya tambayar aka ce to a yankinku fa, sai masu cewa ya ƙaru su ragu sosai. Wato mutum yana ganin ƙofar gidansa da dama-dama, amma yana da yaƙinin cewa can wani wuri ƙasa ta kama da wuta. Unguwarsa da idonsa yake ganin ta. Sauran ƙasar kuwa, wa ya ba shi labarinta?

Amsar da ta fi shahara ita ce ta George Gerbner, kuma ya ba da ita tun kafin waɗannan shekaru. An haifi Gerbner a Budapest ta ƙasar Hangari a 1919, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1939, ya kuma shugabanci Makarantar Annenberg ta nazarin sadarwa a Jami'ar Pennsylvania daga 1964 zuwa 1989. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gwamnatin Shugaba Lyndon Johnson ta kafa kwamitin binciken musabbabin tashin hankali, an nemi ya ƙirga yawan tashin hankalin da ake nunawa a talabijin. Tambayar da ta dami jama'a a lokacin ita ce ko kallon duka da harbi yana sa yara su zama 'yan ta'adda. Gerbner ya ga cewa an kalli abin ta ƙarshen da bai fi muhimmanci ba. Waɗanda za su kalli fim su fita su yi koyi da mugu kaɗan ne ƙwarai. Miliyoyin da suka rage kuwa, darasin da suke ɗauka shi ne na wanda aka zalunta: duniya wuri ne mai haɗari, kuma kowa abin zargi ne. Daga nan ra'in renon tunani ya samo asali. Abin da yake cewa shi ne, shiri ɗaya ba ya sauya ra'ayin mutum, amma shekara da shekaru na kallon labarai masu zubi iri ɗaya suna renon yadda mutum yake ɗaukar duniya, har ya riƙa auna ta da ma'aunin akwatin talabijin.

Aikin Gerbner da abokan aikinsa hawa biyu ne, kuma sai an fahimci yadda aka yi shi kafin a gane inda masu suka suka kama su.

Hawa na farko ƙidaya ce. A kowace shekara sukan ɗauki samfurin mako guda na shirye-shiryen wasan kwaikwayo na dare a manyan tashoshi uku, ABC da CBS da NBC, haɗe da shirye-shiryen yara na safiyar ƙarshen mako. Sai horarrun ma'aikata su zauna su ƙirga kowane amfani da ƙarfi a zahiri, da makami ko babu, wanda ya ji wa wani ciwo, ko ya kashe shi, ko ya tilasta masa yin abin da ba ya so. Zagi da barazanar fatar baki ba sa cikin lissafi. Amma dukan da ake yi a katun yana ciki, haka ma haɗari da bala'in da aka saka cikin labari, kuma wannan ya jawo musu da tashoshin, waɗanda suka ce ba a haɗa kyanwar katun da aka maka wa guduma da kisan kai. Abin da suka samu bai cika sauyawa daga shekara zuwa shekara ba: kimanin tashin hankali biyar a kowace awa a shirye-shiryen dare, kusan ashirin a na yara, kuma fiye da rabin manyan 'yan wasa sukan shiga wani rikici a cikin makon. Mata da tsofaffi da tsiraru sun fi fitowa a matsayin waɗanda ake cuta fiye da masu cutarwa. Kisan kai ya cika akwatin, alhali a rajistar 'yan sanda sata da fasa gida su ne mafi yawa nesa ba kusa ba.

Hawa na biyu shi ne tambayar mutane. Sun raba masu amsa kashi-kashi bisa yawan kallonsu: wanda yake kallon awa huɗu ko fiye a rana mai yawan kallo ne, wanda bai wuce awa biyu ba mai ƙarancin kallo ne. Sai a yi musu tambayoyin da ba a ambaci talabijin a ciki ba ko kaɗan. Misali, a cikin mako guda, mene ne yiwuwar ka tsinci kanka cikin wani tashin hankali: ɗaya cikin goma, ko ɗaya cikin ɗari? Ɗaya cikin goma ya fi kusa da duniyar akwatin, don haka suke kiran sa amsar talabijin. Akwai kuma tambayoyi uku da suka zama ma'aunin abin da Gerbner ya kira cutar muguwar duniya: shin yawancin mutane kansu kawai suka sani, shin dole ne mutum ya yi taka-tsantsan da kowa, shin yawancin mutane za su cuce ka idan suka sami dama. Daga nan sai a cire kason masu ƙarancin kallo da suka ba da amsar talabijin daga kason masu yawan kallo. Abin da ya rage shi ne ratar reno. A maƙalar da Gerbner da Larry Gross suka wallafa a 1976, ratar ta bayyana a fili: masu yawan kallo sun fi kambama haɗari, sun fi kambama yawan 'yan sanda a cikin ma'aikata, sun kuma fi rashin yarda da mutane.

Nan ne gizo ke saƙar. Ratar ta nuna cewa yawan kallo da tsoro suna tafiya tare. Ba ta nuna cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba.

A 1979 wasu masana biyu a Kanada, Anthony Doob da Glenn Macdonald, suka gwada abin a Toronto ta hanyar da har yau, a ganina, ita ce gwaji mafi tsafta da aka yi wa ra'in. Suka zaɓi yankuna huɗu: unguwa mai yawan laifi a cikin gari, unguwa mai ƙarancin laifi a cikin gari, sannan irin waɗannan biyun a bayan gari. Suka bi gida-gida suna tambayar abin da mutane suka kalla da kuma irin fargabar da suke da ita. Da suka zuba dukkan amsoshin wuri guda, sai ga sakamakon Gerbner ya fito: masu yawan kallo sun fi tsoro. Da suka duba kowace unguwa ita kaɗai, sai dangantakar ta kusan ɓacewa. Wuri guda kawai ta tsaya da ƙafarta, wato unguwa mai yawan laifi ta cikin gari.

Ta yaya abu zai bayyana a jimla ya ɓace a kashi-kashi? Ga lissafi na misali, ba alƙaluman Toronto ba ne, na ƙirƙira su ne don a ga yadda abin yake faruwa. A ce an tambayi mutum 400, rabi daga unguwa mai haɗari, rabi daga unguwa mai zaman lafiya. A unguwa mai haɗari mutane ba sa son fita da dare, kuma galibi ba su da kuɗin wata nishaɗin, don haka 150 cikin 200 masu yawan kallo ne, 50 masu ƙarancin kallo. A wannan unguwa mutum shida cikin goma suna jin tsoro, ko suna kallo ko ba sa kallo, domin ɓarayin na gaske ne. Ke nan 90 daga masu yawan kallo, 30 daga masu ƙaranci. A unguwa mai zaman lafiya abin ya juya: 50 ne masu yawan kallo, 150 masu ƙaranci, kuma mutum biyu cikin goma ne ke jin tsoro a kowane ɓangare, wato 10 da 30. Yanzu a haɗa. Masu yawan kallo 200 ne, 100 daga cikinsu na jin tsoro, kashi 50 cikin ɗari. Masu ƙarancin kallo su ma 200 ne, 60 na jin tsoro, kashi 30 cikin ɗari. Ratar reno ta kai maki 20, abin da zai sa mai bincike ya yi murna. Alhali a cikin wannan lissafi talabijin bai ƙara wa ko mutum ɗaya tsoro ba. Unguwa ce ta zaunar da su gaban akwatin, ita ce kuma ta ba su tsoron.

Duk wanda ya riƙe wannan lissafi ya sami abin auna kowane rahoto da ya ce kallo kaza na jawo tsoro. Tambayar farko ita ce, an kwatanta mutanen da ke zaune wuri iri ɗaya, masu shekaru da jinsi da ilimi da samu iri ɗaya, ko kuwa an zuba kowa a kwando guda? Domin a Amurka ta wancan lokaci tsofaffi da mata da masu ƙaramin ƙarfi su ne suka fi kallo, kuma su ne dama suka fi fargaba, saboda dalilan da ba su da alaƙa da akwatin. Gerbner ya san da haka, ya kuma riƙa cire tasirin waɗannan abubuwa, sai dai ɗaya bayan ɗaya yake yi. A 1980 Michael Hughes da Paul Hirsch, kowa da nasa aikin, suka koma kan bayanan babban binciken jama'a na cibiyar NORC ta Jami'ar Chicago, waɗanda Gerbner ya yi amfani da su, suka cire tasirin duka a lokaci guda. Ratar ta tsuke ƙwarai. Hirsch ya ƙara da wani abu mai ban haushi ga ra'in: waɗanda ba sa kallo sam sun fi masu ƙarancin kallo tsoro a tambayoyi da dama, kuma masu kallon awa takwas ko fiye ba su fi na awa huɗu ba. Idan da gaske kowace awa tana ƙara tsoro, bai kamata a ga haka ba.

Akwai kuma yiwuwar cewa kibiyar ta juya baya ne. Mai tsoro shi ne ke kulle ƙofa da magariba ya kunna akwatin. Wasu masana, irin su Dolf Zillmann, sun ma kawo hujjar cewa mai fargaba yakan nemi fim ɗin 'yan sanda da gangan, domin a ƙarshensa ana kama mugu, kuma wannan yana kwantar masa da hankali.

Gerbner da abokan aikinsa, Gross da Michael Morgan da Nancy Signorielli, sun mayar da martani a 1980 da gyara biyu. Na farko suka ce reno ba lallai ya tura kowa gefe guda ba, yakan tattaro mutane ne zuwa ra'ayi ɗaya. A cikin masu ƙarancin kallo, mai kuɗi da talaka sun sha bamban a yadda suke yarda da mutane, amma a cikin masu yawan kallo sai a ga sun matso kusa da juna, domin daga tushe guda suke shan labari. Na biyu suka kira shi amsa-kuwwa: idan abin da mutum yake gani a akwatin ya yi daidai da abin da yake gani a layinsu, saƙon yakan ninka. Da wannan suka ce sakamakon Toronto nasu ne ma, tunda a unguwa mai haɗari ta cikin gari ne dangantakar ta tsaya.

Amsa-kuwwa tana da ma'ana, kuma ta yi daidai da hankali. Amma ƙorafin Hirsch a nan yana da nauyi, kuma ina ganin ba a taɓa amsa shi yadda ya kamata ba. Idan rata ta faɗaɗa a ce amsa-kuwwa ce, idan ta tsuke a ce tattaruwa ce, to wane sakamako ne zai taɓa nuna cewa ra'in ya yi kuskure? Sai dai idan mai bincike ya faɗa tun kafin ya tattara bayanai wane rukuni yake sa ran ganin wanne.

To bayan duk wannan taƙaddama, me ya rage? A 1997 Morgan da James Shanahan suka tattara binciken shekaru ashirin suka auna matsakaicin ƙarfin dangantakar. Ya fito 0.09, a ma'aunin da sifiri ke nufin babu dangantaka, ɗaya kuma ke nufin cikakkiya. Idan aka ninka 0.09 da kansa za a sami 0.008, wato yawan kallo yana bayyana ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin amsoshin mutane. Ƙarami ne ainun, amma ya ƙi ɓacewa, yana ta fitowa a bincike bayan bincike. Masu kare ra'in suna da uzuri mai ƙarfi a nan: a ƙasar da kusan kowane gida ke da talabijin, babu wanda za a kwatanta da shi. Mai kallon awa ɗaya ma yana zaune da masu kallon awa biyar, yana jin hirarsu, yana zaɓen 'yan siyasar da suke zaɓa. Su kan ce ɗan sauyin zafi na maki kaɗan ya isa ya sauya yanayin duniya. Uzurin gaskiya ne, sai dai ba hujja ba ce cewa tasirin babba ne. Bayani ne kawai na dalilin da ya sa ba za a iya ganin sa ba ko da yana nan.

Inda aka fi samun ci gaba shi ne da aka daina ɗaukar tsoro a matsayin abu ɗaya. Ƙiyasin yawan laifi a ƙasa daban, jin cewa ni kaina ina cikin haɗari daban. Tom Tyler da Fay Lomax Cook sun nuna a 1984 cewa kafafen labarai sun fi taɓa na farko, na biyun kuwa ya fi dogara da abin da ya sami mutum ko maƙwabcinsa. Linda Heath da John Petraitis a 1987 suka sami abu makamancin haka: yawan kallo ya fi alaƙa da tsoron manyan birane na nesa fiye da tsoron unguwar da mutum yake kwana. Dalilin a bayyane yake. Game da layinku kana da shaidu da yawa, ka san gidan da aka fasa da wanda ba a taɓa fasawa ba. Game da birnin da ba ka taɓa zuwa ba, abin da aka nuna maka shi ne duk jarinka.

L. J. Shrum ne ya fi kowa bayyana yadda abin yake faruwa a cikin kai, ya kuma gina bayaninsa a kan abin da Amos Tversky da Daniel Kahneman suka nuna a 1973, cewa mutum yakan auna yawan abu da sauƙin da misalinsa yake zuwa masa a rai. Idan aka tambaye ka kashi nawa na mutane ake yi wa fashi, ba ka da rajista a ka. Abin da kake yi shi ne ka laluba, idan misalai suka zo da sauri sai ka ce abin da yawa. Mai yawan kallo misalansa a kusa suke, sababbi ne, masu jini a jika, kuma a lokacin ba ya tsayawa ya tuna cewa a fim ya gan su. Shrum ya auna saurin amsa, ya ga masu yawan kallo sun fi saurin ba da ita. A wani gwaji da ya wallafa a 2001 ya raba mutane: wasu aka ce su faɗi abin da ya fara zuwa musu, wasu aka nuna musu cewa za a bi diddigin amsarsu, don haka su yi tunani da kyau. A rukunin farko ratar reno ta fito. A rukunin da ya yi tunani ta ɓace. Wannan ya nuna cewa aƙalla a ɓangaren ƙiyasi, abin da talabijin ke yi ba dasa aƙida ba ne mai zurfi, cika aljihun gaba ne da misalai, waɗanda hannu ke fara kaiwa gare su idan ana sauri. Matsalar ita ce yawancin hukuncin yau da kullum, har da amsa tambayar mai jin ra'ayin jama'a a waya, cikin sauri ake yin su.

Gerbner ya dage cewa jimlar awannin kallo ce abin dubawa, ba irin shirin ba, domin a zamanin tashoshi uku mai yawan kallo ba ya zaɓe, abin da aka sa shi yake kallo. Binciken da aka yi daga baya bai goyi bayansa sosai a nan ba. Daniel Romer da Kathleen Hall Jamieson da Sean Aday, a aikin da suka wallafa a 2003 wanda ya haɗa da tambayar mazauna Philadelphia fiye da dubu biyu, sun sami cewa kallon labaran tashoshin cikin gari yana tafiya da ƙarin damuwa kan laifi, ko da an yi la'akari da yawan laifin da ke yankin mutum. Ba abin mamaki ba ne. Fim an san wasa ne, amma labaran ƙarfe shida suna nuna titin da ka sani, kuma tashoshin suna buɗe su da harbi saboda ɗaukar hotonsa ba tsada, yana kuma riƙe mai kallo. Yawan irin waɗannan rahotanni ba ya bin hawa da saukar laifin kansa. Birni mai mutum miliyan ɗaya ba zai rasa mummunan labari guda a kowane dare ba, ko da laifi ya ragu da rabi.

Wannan yana da amfani ga mai son ɗauko ra'in ya aza shi a kan wani wuri, misali arewa maso yammacin Najeriya. Dukkan ginin ya dogara ne da samun alƙaluma biyu da za a kwatanta, na duniyar allo da na duniyar zahiri, sannan a ga wanne amsar mutum ta fi kusa da shi. Manomin Zamfara da ke tsoron hanyar gonarsa ba amsar talabijin yake bayarwa ba, kamar mazaunin unguwa mai haɗari ne a lissafin da muka yi. Inda tambayar Gerbner za ta yi aiki shi ne a kan wanda ke nesa, mutumin Legas ko na ƙasar waje da bai san yankin ba sai ta bidiyon da ake turo masa a waya. Ko a nan ɗin ma sai an sami ƙididdigar laifi abin dogaro, sai kuma an raba masu amsa bisa inda suke zaune da ko abin ya taɓa shafar wani nasu, kafin a ce ratar da aka gani ta kallo ce.